Rahoton Zaman Kwamitin Ƙungiyar Masallacin Unguwarmu, Gadarif, Sudan, 9 ga Sha'aban 1446

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

An yi wannan zama ranar Asabar, 9 ga Sha'aban 1446, daidai da 8 ga Fabrairu 2025, bayan sallar La'asar, a rumfar makarantar allo da ke gabas da masallaci. Mutum 14 daga cikin 17 na kwamiti sun halarta: Shugaba, Mataimakinsa, Baba Liman, Na'ibi, Ladan, Ma'aji, Malamin makarantar allo, dattawa biyu, wakilan matasa biyu, wakilan mata biyu, da ni Sakatare. Uku sun aiko da uzuri: biyu suna gona wajen kwasar dawa, ɗaya yana jinyar mahaifiyarsa, Allah ya ba ta lafiya. Sunayen kowa da sa hannunsa suna cikin littafin halarta. Wannan kwafin, tunda za a karanta shi bayan sallar Juma'a kuma za a tura shi ta waya ga 'yan'uwanmu na Kassala da Maiwurno da Makka, an rubuta shi da muƙamai kawai.

Baba Liman ya buɗe da addu'a, ya karanta aya ta 10 cikin Suratul Hujurat, wadda ta ce muminai 'yan'uwan juna ne, a yi sulhu a tsakaninsu. Bai yi sharhi a kanta ba.

1. Rahoton zaman da ya gabata

Na karanta rahoton zaman watan Rajab. Ɗaya daga cikin dattawa ya nemi a gyara sakin layi na uku, inda aka rubuta maganganun mutane da sunayensu kamar yadda suka fito daga baki. Shugaba ya tambayi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowannensu ya yarda. An cire sakin layin, an sa wannan a madadinsa: "An tattauna batun lokutan amfani da masallaci, ba a kai ga matsaya ba, an ɗage shi zuwa zama na gaba."

Laifin wannan nawa ne, na kuma faɗa a gaban kowa. Na ɗauka amana ita ce in rubuta duk abin da kunnena ya ji, ban lura ba cewa maganar da mutum ya furta cikin ɓacin rai, shi yana mantawa da ita bayan kwana biyu, amma takarda tana nan tana jiran mai karantawa. An yafe mini, na gode.

Matsaya: daga yau rahoto zai ƙunshi batun da aka kawo, da ra'ayoyin da aka bayyana ba tare da jingina su ga kowa ba, da abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aikin. Wanda yake son a rubuta cewa bai goyi bayan wata matsaya ba yana da wannan haƙƙi, sai ya faɗa a zaman, a rubuta da lafazin da shi ya zaɓa. Tsohon shafin yana hannun Baba Liman, ba za a kwafe shi ba.

2. Lokutan amfani da masallaci da lasifika

Wannan shi ne batun da aka ɗage. An daɗe a kansa, kusan awa guda, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya samu dama. An bayyana cewa masu wazifa sun saba zama bayan Magariba tun gina masallacin. An kuma bayyana cewa masu karatun hadisi, waɗanda yawancinsu leburori ne a kasuwar amfanin gona, ba su da wani lokaci sai tsakanin Magariba da Isha'i. Kwamiti ya karɓi duka bayanan biyu a matsayin gaskiya. Shugaba ya ce ba a taru don a yi hukunci kan ibadar kowa ba, wannan ba aikin kwamiti ba ne. An taru ne a raba ɗaki ɗaya da lokaci ɗaya tsakanin mutanen da kowannensu ya ɗauki bulo a kansa ranar gini.

Abin da aka yanke: wazifa za ta ci gaba a cikin masallaci bayan Magariba. Karatun hadisi zai kasance a wannan lokacin a rumfar makarantar allo, kuma ƙungiya za ta saya wa rumfar tabarmi shida da fitila mai caji kafin azumi, don kada a ce an tura wasu cikin duhu. Ranar Juma'a, daga La'asar zuwa Magariba, masallaci na masu zikirin Juma'a ne. Ranar Lahadi da Laraba bayan Isha'i, na masu karatun hadisi ne. Lasifikar waje ta kiran salla ce da iƙama da huɗuba da sanarwar rasuwa. Duk wani zama da ba waɗannan ba, na kowane ɓangare, zai yi amfani da ta ciki. Makullin akwatin na'urar yana hannun Ladan.

Mutum 13 sun amince. Mutum ɗaya ya nemi a rubuta, da lafazinsa: "Ina da wani ra'ayi game da ranar Laraba, amma na bi jama'a." An rubuta. Za a sake duba tsarin bayan Babbar Salla.

3. Shirin azumi

Ana sa ran ganin wata a daren 29 ga Sha'aban, kuma masallacinmu zai bi sanarwar hukuma kamar kullum.

A kan asham, Baba Liman ya tunatar cewa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai ruwayar raka'a 11 a zamanin Sayyidina Umar, akwai kuma ruwayar 23, don haka ƙofar tana da faɗi. Za a yi raka'a goma da shafa'i da wutiri kamar yadda masallacin ya saba. Wanda yake son tsayawa a takwas sai ya tsaya ta gefen sahu na kudu, kusa da ƙofa, ya fita ba tare da ya tsallake kowa ba, kuma ba wanda zai bi shi da magana ko da kallo. Raka'a huɗu na farko Na'ibi ne zai ja da ruwayar Warshu, wadda iyayenmu suka taho da ita daga yamma. Sauran kuma alarammomi matasa biyu za su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya da Hafsu, ɗaya da Duri. Da aka zo nan, ɗaya daga cikin wakilan matasa ya ce, "Baba Liman, idan an yarda, mu ma muna so a riƙa yi mana bita da Warshu, kada ta tafi tare da ku." Baba Liman ya amsa, "Ɗana, ka zo da allonka gobe da asuba." Na nemi izininsu su biyu kafin in rubuta wannan, don bai kamata a bar shi ya wuce ba.

Tafsiri bayan La'asar, da Jalalaini, da Hausa. Saboda yaran da suka tashi a Khartum da Madani waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, Malamin makarantar allo zai riƙa taƙaita darasin da Larabci na minti goma a ƙarshe. A watan azumi wazifa za ta koma bayan Asuba, domin Magariba ta buɗa-baki ce.

Buɗa-baki a waje ɗaya za a yi shi, a kan tabarmi a ƙofar masallaci, shimfiɗa ɗaya ba biyu ba. Kowane gida ya fito da abin da ya samu, asida ko balila ko kunu ko hilu-mur, kuma a tare duk mai wucewa kamar yadda aka san mutanen ƙasar nan da yi.

4. Kuɗi

Ma'aji ya karanta lissafi daga farkon Jimada Akhir zuwa yau. An fara da fam 2,350,000. An samu 1,420,000, wanda 500,000 daga ciki 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda ne suka turo, Allah ya saka musu. An kashe 1,190,000 a kan ruwan alwala da ake saya daga masu amalanken jaki, da likkafani na gawa huɗu, da abincin baƙi. Saura 2,580,000.

Lokacin canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a watan Disambar 2024, dole aka zuba kuɗin hannu a banki, kuma tunda ƙungiya ba ta da asusu, an zuba su a asusun Ma'aji da sanin Shugaba. Dattawa biyu da wakilin matasa ɗaya sun duba takardun banki da littafin shiga da fita a makon jiya, sun shaida wa zaman cewa lissafi ya cika, babu ragi ko na fam ɗaya. Kwamiti ya karɓi shaidarsu, ya gode wa Ma'aji, ya rufe batun. An nemi duk wanda wata magana ta taɓa isa kunnensa ya isar da wannan sakamakon zuwa inda maganar ta fito.

Ma'aji da kansa ya roƙi a sauƙaƙa masa nauyin. An yanke cewa ba za a fitar da abin da ya wuce fam 100,000 ba sai da sa hannun mutum uku: Shugaba, Ma'aji da ɗaya daga cikin wakilan mata. Za a liƙa lissafi a allon ƙofar masallaci farkon kowane wata. Mataimakin Shugaba zai bincika abin da ake buƙata don buɗe asusu da sunan ƙungiya.

5. Baƙinmu

Gidaje 23 da yaƙi ya koro daga Khartum da Jazira da Sinja suna zaune a unguwar. Tun da hanyar Madani ta buɗe a watan jiya, shida sun ce suna son komawa su ga abin da ya rage na gidajensu. An ware fam 600,000 don taimaka musu da kuɗin mota. Hajiya shugabar mata ta ja hankali cewa akwai zawarawa huɗu da ba sa fitowa karɓar komai saboda kunya, kuma idan aka ci gaba da rabo a ƙofar masallaci ba za su taɓa samu ba. Maganarta gaskiya ce, kuma mu maza ba mu lura ba. Daga yanzu mata ne za su kai musu har gida bayan Isha'i. Zakkar fid-da-kai za a tara ta da dawa, mudu huɗu na Annabi a kan kowane mutum, a raba kafin a tafi idi.

Saboda kwalarar da ta addabi jihar tun daminar bara, za a rufe randunan masallaci, a riƙa sa musu maganin tsabtace ruwa, a daina tsoma moɗa ɗaya. Wakilan matasa sun ɗauki aikin.

Ba a kawo wani batu ba. Kafin a tashi na karanta matsayar da aka yanke a ƙarƙashin lamba 2 da 3 da 4 kalma bayan kalma, aka gyara wuri ɗaya: an mayar da "an ba su rumfa" zuwa "zai kasance a rumfar". Na'ibi ya rufe da addu'ar zaman lafiya ga Sudan da rahama ga mamatanmu, aka yi musafaha, aka tashi daidai lokacin da Ladan ya miƙe don kiran Magariba.

Zama na gaba: Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Salla, bayan La'asar, a wannan rumfar, in Allah ya kai mu.

Sakataren ƙungiya ne ya rubuta. Shugaba da Baba Liman sun karanta, sun sa hannu a kan asalin da ke cikin littafi.