Ranar da Inuwar Wata ta Sauka a Katsina

Assalamu alaikum, 'yan aji biyu. Ku ajiye biro tukuna, yau da ido za mu fara. Na baya ku matso kusa da allo, amma kada a ture juna.

Wannan hoton da na liƙa, me kuke gani a ciki? Zainab ta ce baƙin faifai mai farin gashi. Kin lura sosai, 'yata. To wannan hoton da hantsi aka ɗauke shi, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, a nan Katsina, ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinku ba. Baƙin da ke tsakiya wata ne. Farin da ya kewaye shi kuwa rana ce a ɓoye a bayansa, gefenta kawai ya leƙo. Wannan shi ne husufin rana.

Ku tambayi iyayenku in kun koma gida, da yawansu sun gani. Haske ya riƙa dusashewa a hankali fiye da awa guda, har ya koma wani iri, ba na safe ba, ba na yamma ba. Iska ta yi sanyi. Kaji suka nufi akurki, tsuntsaye suka yi tsit. Can sai gari ya rufe kamar bayan magariba, mutane suka cika masallatai ana sallar kusufi. Minti uku da wani abu, sai haske ya ɓullo ta gefe ɗaya.

Yanzu me ya kawo haka? Musa, zo ka riƙe tocilan nan, kai ne rana. Hauwa, riƙe ƙwallon nan, ita ce duniya. Ni kuma lemon tsamin da ke hannuna shi ne wata. Duniya tana zagaya rana, wata yana zagaya duniya, kuma wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Musa, haska ƙwallon. Ku duba, ina tafe da lemon a hankali, ga shi ya shiga tsakaninsu. Kun ga ɗan baƙin tabon da ya faɗa a jikin ƙwallo? Inuwar lemon ce. Duk wanda yake zaune a cikin wannan tabo, in ya ɗaga kai ba zai ga rana ba. Ranar nan ta 2006, mu ne a cikin tabon. Rana ba ta yi ciwo ba, ba ta mutu ba, tana can tana ci kamar kullum. Wata ne ya gitta ya tare mana ita.

Ku lura da ƙanƙantar tabon. Faɗin inuwar a ranar bai kai kilomita 200 ba, amma tana gudu a doron ƙasa fiye da jirgin sama na fasinja. Ta faro daga Brazil, ta ƙetare tekun Atlantika, ta shigo Ghana, Togo da Benin, ta ratso Najeriya ta wajen Saki, ta bi ta Gusau da Katsina, ta shiga Nijar, ta wuce Chadi da Libiya har Turkiyya. Inda ta fi daɗewa, kusa da iyakar Chadi da Libiya, minti 4 da daƙiƙa 7 kawai ta yi. Mutanen Legas sun ga rana ta gutsure ne, ba ta rufe musu duka ba, domin a gefen inuwar suke.

Na ga hannunka, Abdullahi. Tambaya mai kyau: yaya ɗan ƙaramin wata zai rufe ƙatuwar rana? Rufe ido ɗaya, ka miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsanka ka auna bishiyar darbejiyar can ta bakin gate... ta bakin ƙofar makaranta. Ta ɓace, ko? Yatsanka bai kai ta girma ba, ya dai fi ta kusa da idonka. Wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,000, rana kuwa kimanin kilomita miliyan 150. Rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, kuma ta ninka shi nisa kusan sau 400. Shi ya sa daga nan ƙasa suke zuwa kusan daidai wa daida. Ni dai shekara da shekaru ina koyar da wannan, amma duk sanda na zo kan lissafin nan sai tsigar jikina ta tashi. Wani lokaci wata yakan ɗan yi nisa da mu, sai ya kasa rufe ta duka, a ga rana ta zama zobe.

Ku sake duban farin gashin da Zainab ta faɗa. Masana suna kiransa korona, wato iskar gas mai tsananin zafi da ta lulluɓe rana. Fuskar rana zafinta ya kai digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyos, amma wannan farin ya haura digiri miliyan ɗaya. Kullum yana nan, hasken rana ne yake danne shi, sai wata ya yi mana murfi muke iya ganinsa.

Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da muke cewa wata ya ɓuya, domin a lokacin ne yake ɓangare ɗaya da rana. Na 2006 ma a ƙarshen Safar ya zo. To me ya hana a yi shi duk wata? Ku dubi lemon nan. Hanyar da wata yake bi a karkace take da kimanin digiri 5. Yawanci yakan wuce ta sama kaɗan ko ta ƙasa kaɗan, inuwarsa ta kuskure ƙwallon. Sai su ukun sun jeru a layi ɗaya cif sannan a samu husufi.

Za ku ji wasu suna cewa alamar mutuwar wani babba ce, ko zunubi ne ya yi yawa a gari. Kun karanta a Islamiyya cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu an yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai Annabi ya gyara musu: rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abu ne mai tafiya bisa lissafi, har ana iya faɗin ranarsa tun da sauran shekaru. Ranar 2 ga Agusta, 2027 inuwar za ta bi ta Masar, inda a Luxor duhu zai wuce minti 6, ta ratsa Jidda da Makka, mu a nan mu ga ɓangare. Ranar 20 ga Maris, 2034 kuma za ta sake shigowa Najeriya ta kudu, Legas tana kan hanya.

Saura abin da ya fi damuna, kuma ina so kowa ya dube ni. Kada ku kalli rana da ido, ko da ta rage siririya kamar jinjirin wata. Haskenta yana ƙona bayan ido, inda gani yake, kuma wurin ba ya jin zafi, ba za ka san ka yi ɓarna ba sai daga baya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Gilashin da aka turara da hayaƙi ba ya karewa, haka kallonta cikin kwanon ruwa. Akwai tabarau na musamman da ake yi don wannan aiki. In babu shi, ku huda kwali da allura, ku juya wa rana baya, haske ya bi ta hudar ya sauka kan farar takarda, nan za ku ga siffarta lafiya lau.

Gobe in Allah ya kai mu, kowa ya zo da kwali ɗaya da farar takarda, za mu fita fili mu gwada bayan tara. Musa, kashe tocilan, batir na tsada. Ku ɗauki biro ku zana rana, wata da duniya a layi, ku nuna mini inda inuwar ta faɗa.