Saƙo zuwa ga Malam kan aikina na rijiyar Kusugu

Assalamu alaikum Malam, barka da dare, da fatan an wuni lafiya. Hajara ce ɗalibarku ta aji biyu, wadda kuka rubuta ma "kwafi ne" da jan biro a saman takardarta. Malam wallahi tun da na karɓi takardar nan ko abinci ban iya ci ba, amma ban zo da rantsuwa kaɗai ba, don Allah ku duba da kanku.

A Google Docs na rubuta aikin, kuma yanzu na tura maku shi ta imel na ba ku izinin Editor, don wanda aka ba izinin karantawa kawai ba ya ganin tarihin gyara. In kun buɗe a kwamfuta sai ku danna File, sai Version history, sai See version history. Ta gefen dama ranaku za su fito da lokaci da sunan wanda ya taɓa rubutun, sunana ne kaɗai tun daga 3 ga Maris har 19.

Ku dubi na ranar 3 ɗin, layi huɗu ne kacal kuma shirme ne, har na rubuta wai kullum macijin ke barin mutane su ɗebi ruwa, sai ranar 8 bayan na je gida Daura kakata ta yi mani dariya ta ce ranar Juma'a ce kaɗai, a daren na gyara, za ku ga inda na goge. Sakin layin da ke magana kan auren Bayajidda da Daurama kuwa sau uku ina canja mashi wuri. Mai kwafi ai ba zai sha wannan wahalar ba Malam.

Akwai wuri ɗaya da gara in faɗa da bakina kafin ku gani. Ranar 14 kusan shafi guda ya faɗo lokaci ɗaya kamar an ɗauko daga wani wuri. Eh an ɗauko, amma daga wayata, kwana biyu ba mu da wuta laftof ɗin yayana ta mutu, sai na riƙa rubutawa a waya, wani ma cikin mota a hanyar dawowa Katsina. Sikirinshot ɗin na nan ƙasa da kwanan wata a jiki.

Littafin da na fara zayyana aikin da hannu ma yana nan, da kwafin farko da na yi firintin a kafe, duk da shayi ya zube ma shafi na biyu. In kun ba ni lokaci gobe bayan azahar sai in kawo su ofis, ku ɗauki duk sakin layin da kuka ga dama ku tambaye ni ba tare da na kalli takarda ba.

Na gode Malam, a huta lafiya.