Darasin Kimiyya na Aji Huɗu: Kifi, Kwaɗo da Ƙadangare

Yara, kada yana kwana a ruwa, amma ba kifi ba ne. Saboda haka wurin zaman dabba ba ya isa a gane danginta. Abu uku za ku duba: fata, numfashi, da ƙwai.

Mu fara da kifi. Idan an sayo karfasa daga kasuwar Kejetia ko Asafo, ku roƙi Mama ta ɗaga muku murfin da ke gefen kansa kafin ta wanke. Za ku ga wani jan nama zara-zara kamar matsefi. Da shi kifi yake numfashi: ruwa ya shiga ta baki, ya bi ta kan wannan nama, shi kuma ya tsotse iskar da ke cikin ruwan. Da an fito da karfasa tudu, naman nan sai ya manne ya bushe, kifin ya mutu. Kifi ba shi da ƙafa, kuma yawanci jikinsa da ɓawo. Na ce yawanci, domin tarwaɗa sumul take, amma kifi ce.

Ƙadangare, maciji, tsaka, hawainiya, kunkuru da kada su ne masu jan ciki. Fatarsu busasshiya ce mai kaushi da ɓawo. Da huhu suke numfashi tun ranar ƙyanƙyasa, shi ya sa kadojin Paga dole su riƙa fito da hanci sama su shaƙi iska. Mafi yawansu a tudu suke saka ƙwai mai kwasfa, kuma ɗan yana fitowa da kamannin uwarsa.

Kwaɗo ne mai rikitarwa, don rayuwa biyu gare shi, ta ruwa da ta tudu. Ƙwansa ba shi da kwasfa, cikin yauƙi yake kamar miyar kuɓewa, don haka yawanci a ruwa ake saka shi. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai kai da wutsiya, yana numfashi irin na kifi. Bayan makonni ƙafafun baya su tsiro, sannan na gaba, huhu ya samu, wutsiya ta shanye. Babban kwaɗo da huhu yake numfashi, da kuma fatarsa. Ba ta da ɓawo, in ta bushe ƙarau zai mutu.

Dukkansu ukun suna da ƙashin baya, kuma ɗumin jikinsu yana bin yanayin wurin. Abin da ke sa ƙadangare shan hantsi a kan katanga ke nan.

Aikin gida: bayan ruwan sama, tare da babba, ku ɗebo 'ya'yan kwaɗo 5 daga kududdufi, da ruwan wurin da ɗan gansakuka. Banda ruwan famfo, maganin da ke cikinsa yana kashe su. A ajiye robar a inuwa, a buɗe. Kowace Litinin ku zana abin da kuka gani, idan ƙafafu huɗu sun fito ku mayar da su inda kuka ɗebo su, ku wanke hannu da sabulu.