Taminal, Shel da Kanel: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Koyo

Wannan takarda ta 'yan ajinmu na ranar Asabar ce. Makon jiya da na ce kowa ya buɗe shel, sai aka yi cirko-cirko ana kallona, don haka na tattaro tambayoyinku wuri guda.

Malam, baƙar tagar da ke fitowa in na danna Ctrl+Alt+T a Ubuntu, ita ce shel?

A'a, taminal ke nan. Aikinta ta karɓi abin da ka buga, ta nuna maka abin da ya dawo. Ko umarni ɗaya ba ta san ma'anarsa ba. A da ma na'ura ce sukutum, allo da madannai, ana jona ta da babbar kwamfuta da ke wani ɗaki, irin VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978. Ta yau manhaja ce da ke kwaikwayon waccan.

To wa ke karanta abin da na rubuta?

Shel. Ita ke sa alamar `$` tana jiranka. In ka buga `ls *.txt`, ita za ta warware tauraron nan ya koma sunayen fayil-fayil, ta nemo inda `ls`, umarnin da ke jera sunayen fayil, yake, sannan ta roƙi kanel ya tayar da shi. Shi `ls` bai ma ga tauraron ba, sunaye kawai aka miƙa masa. Wannan ya kan ba mutane mamaki, ni ma na daɗe ban gane ba.

Shel iri-iri ce. Ubuntu na zuwa da `bash`, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, kwamfutocin Mac kuwa sun koma `zsh` tun 2019.

Kanel fa, ina zan gan shi?

Ba ya da taga, ba ka kuma yi masa magana kai tsaye. Shi ke riƙe da sassan na'urar: ya raba wa manhajoji lokacin aiki da ma'adana, ya karanta faifai, ya hana ka taɓa fayil ɗin da ba ka da izini. In ka ga `Permission denied`, kanel ne ya ƙi, manhajar saƙo kawai ta isar. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, sunan kanel ne, kuma shi ne a cikin wayar Android da ke aljihunka.

Ta yaya zan tabbatar abubuwa uku ne daban?

```
tty
ps -p $$
uname -r
```

Na farko zai nuna taminal ɗinki, kamar `/dev/pts/0`, na biyu shel ɗin da kike ciki, na uku lambar kanel. Ki buɗe taga ta biyu ki maimaita: lambar taminal za ta canza, shel ma sabuwa ce da wata lambar, amma kanel yana nan yadda yake.

In na rufe taga, na kashe kanel?

Ina! Shel ɗin ce ke mutuwa, galibi tare da aikin da ka bari yana tafiya a cikinta. Saboda haka in kana kwafar babban fayil da `cp`, bari alamar `$` ta dawo kafin ka rufe.