Takardar godiya ga jami'in jarrabawarmu

Assalamu alaikum Malam, barka da hutawa, ya gajiyar aiki?

Ranar Litinin a taron malamai na miƙe na ce an kammala rajistar NECO, kowa ya yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Aka ce amin, aka wuce maganar alli da rajistar aji. Tun da na koma ofis abin yake cina a rai, domin kalmar da na faɗa maka ita ce na faɗa wa wanda ya leƙo sau ɗaya ya ce sannunku da aiki ya wuce. Wannan ba adalci ba ne. Shi ya sa na zauna in rubuta maka abubuwan da na gani da idona.

An miƙa maka aikin nan saura kwana 9 a rufe rajista, bayan an yi wa wanda yake riƙe da shi canjin wurin aiki. Abin da ka tarar kwali ne guda na fom, da ɗalibai 214 na aji shida waɗanda hutun Sallah ya watsa ƙauyuka. Ni a ranar na ce ka fara shigar da sunaye a kwamfuta nan take, ko rabi ne mu samu. Ka ce a'a, sai ka fara gwada kowane fom da takardar NIN ta mai shi. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba, don gani nake yini guda zai tafi a banza. Da yamma ka kawo mini sunaye 37 da ba su dace ba. Wani a fom Muhammadu, a NIN Mohammed. Wata sunan kakanta ne a madadin na mahaifinta. Yara 11 kuma ranar haihuwar da ke fom ɗinsu daban take da wadda ke jikin NIN. Da mun bi shawarata, da sai ranar da suka je neman gurbin jami'a, sunan da ke sakamakonsu ya ƙi haɗuwa da na JAMB, sannan za a gane ɓarnar. A lokacin kuwa sun bar hannunmu, iyayensu ne za su yi ta zarya da rantsuwar kotu. Kai ka yi daidai, ni na yi kuskure, kuma ina so ka ji haka daga bakina.

Abin da ka yi da waɗannan 37 ɗin ma ya burge ni. Ka san gyaran NIN ba abin kwana 9 ba ne, sai ka kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, ka karanta musu yadda sunan yake a NIN, harafi bayan harafi, ka nemi yardarsu a rubuta shi haka. Na ji ka da wani dattijo da ya dage cewa shi Muhammadu ya raɗa wa ɗansa ranar suna, ba zai yarda a sauya ba. Kusan minti 20 kana ba shi haƙuri, kana ce masa Baba, har ya fahimci cewa sunan yana nan, rubutun boko ne kawai ya bambanta. Ni da ke zaune a gefe na ƙosa tun tuni.

Sai ranar ɗaukar zanen yatsu. Babu wanda ya tuna cewa 'yan mata za su dawo da lallen Sallah a hannu. Na'urar ta yi ta ƙin karɓar yatsun wasu, layi ya kai bakin ɗakin karatu, rana ta take. Ba ka yi wa yarinya ko ɗaya tsawa ba. Ka aika aka kira malamar Hausa ta zauna kusa da na'urar, ita ke riƙe hannun kowace yarinya tana ɗora yatsan, kai kana goge gilashin bayan kowane gwaji. Akwai wadda sai a karo na 14 ya shiga, na ƙirga. Kiran malamar nan da ka yi ba ƙaramin tunani ba ne. Yaran sun saki jiki, kuma babu uban da zai zo gobe ya ce namiji ya riƙe hannun 'yarsa.

Ranar Alhamis kuma aka rasa yaro ɗaya, wayar gidansu a kashe. Wasunmu suka ce a bar shi, ya yi ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Ka tambayi abokansa, suka ce duk ranar kasuwar Maigatari yana kara yana taya mahaifinsa. Ka hau babur ɗinka daga nan Gumel da tsakar rana, ka nemo shi a cikin shanu, ka goyo shi, ya ɗora yatsa, ka ba shi kuɗin motar komawa. Ban san haka ta faru ba sai da maigadi ya ba ni labari. Kai ko da wasa ba ka ambata ba.

Akwai kuma wanda na tabbata kai ma ka ɗauke shi ƙaramin abu. Yarinyar nan ta ajin kimiyya da kullum take cewa likita za ta zama, fom ɗinta babu Fiziks, an cika mata wani darasin daban. Ka lura da shi ƙarfe 11 na dare, a daren ƙarshe, lokacin da idon kowa ya gaji. Wanda zai karanci likitanci dole ya samu kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Da an tura fom ɗin haka, shekara guda ta tafi mata, kuma ka san a garin nan yarinyar da ta zauna shekara a gida ba lallai ta koma aji ba.

Daren nan ina wurin, don haka ba labari aka ba ni ba. An ɗauke wuta tun la'asar, man janareta ya ƙare wajen ƙarfe 9, ka fita ka sayo lita 5 da kuɗinka. Sabis ya yi ta yankewa, ka fito da tebur tsakar fili inda ya fi kamawa, sauro na cizonka kana tura sunaye goma-goma. Na ƙarshe ya shiga ƙarfe 1 da minti 40. Da safe kuma na same ka a aji biyar kana koyar da Lissafinka na ƙarfe 8.

Kuɗin man janareta da na babur da katin waya, ka rubuto mini su gobe. Na riga na yi magana da akawu, kuma kada ka ce ka yafe, haƙƙinka ne. Na cire sunanka daga masu sa ido a jarrabawar gwaji ta mako mai zuwa, ni zan karɓi kwana biyu, malamin Tarihi ya karɓi sauran. Shugaban makaranta ya amince a saka kwafin wannan takarda a fayil ɗinka.

Roƙo ɗaya nake da shi. Takardar nan da ka zana, mai layin suna a fom, suna a NIN, ranar haihuwa da darussa, ka ba ni ita. Ina so mu fara cike ta da 'yan aji biyar tun zangon farko, don kada baɗi mu sake jefa wani a irin halin da muka jefa ka.

Ka gaida uwargida, ka ba ta haƙuri a madadina. Na san dare 4 a jere sai bayan yara sun yi barci kake shiga gida. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a, ya ba yaran nan 214 sa'a.

Naka,
Mataimakin shugaban makaranta, ɓangaren karatu