Sanarwar Ban Haƙuri Kan Jinkirin Buɗe Gasar Ƙwallon Ƙafa

Assalamu alaikum.

A madadin kwamitin shirya gasar ƙwallon ƙafa ta matasan unguwanninmu, ina ba kowa haƙuri kan jinkirin da aka samu jiya Asabar. Mun sanar cewa za a take leda da ƙarfe 2:30 na rana, amma sai bayan La'asar, wajen ƙarfe 4:20, alƙalin wasa ya busa usur.

Ga abin da ya faru. Da muka isa filin makarantar da muka kama, mun tarar an kafa rumfuna an jera kujeru har cikin da'irar tsakiya, ana walimar saukar karatu. Ashe su ma an ba su filin a ranar. Su takarda suka riƙe, mu kuwa da baki muka yi magana da mai kula da filin tun makonni uku da suka wuce, ban koma na tabbatar ba. Wannan sakacina ne, kada a ɗora wa kowa.

Na ga 'yan wasa sanye da riguna suna zaune a gindin darbejiya, ruwan ledarsu ya ƙare, wasu ma daga nesa suka yi hayar mota. Iyayenmu da manyan baƙi da suka zauna cikin rana, Allah Ya huci zuciyarku. Masu walima kuma mun gode, sun gaggauta, har suka taya mu kwashe kujeru.

Wasa na biyu da duhu ya hana za a buga shi ranar Talata da ƙarfe 4:15, a filin dai. Yanzu takardar izini tana hannuna, da sa hannu da hatimi, har zuwa wasan ƙarshe. Kwamiti zai biya kuɗin motar ƙungiyoyin biyu. Kyaftin-kyaftin su same ni yau bayan Magariba.

Shugaban Kwamitin Shirya Gasa