Wasiƙar Shugaba Kan Daftarin Rahoton Taron Wata

Ƙungiyar Manoman Rani ta Unguwarmu,
Daura, Jihar Katsina.
9 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga dukkan mambobin kwamitin zartarwa,

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga daftarin rahoton taronmu na ranar Asabar, 7 ga Disamba, kamar yadda Malam Sakatare ya rubuta shi. Shafi huɗu ne.

Ina roƙon kowa ya karanta shi a tsanake, musamman batu na uku, na gyaran injin ban-ruwa. A nan ne muhawara ta yi zafi har muryoyi suka haɗu, kuma mai rubutu hannu ɗaya gare shi. A duba ko kuɗin da aka rubuta, naira 180,000, shi ne abin da muka amince da shi, a kuma tabbatar da wanda ya kawo shawarar da wanda ya goya masa baya. Hajiya Ma'aji, don Allah ki gwada alƙaluman da na littafinki.

Gyaran da ake nema na abin da aka faɗa ne a zauren. Wanda ya sake tunani bayan an tashi, ya riƙe shi sai zama na gaba.

An ba da kwana 7. Duk mai gyara ya miƙa wa Sakatare a rubuce, da lambar shafi, kafin la'asar ranar Litinin, 16 ga Disamba. Wanda ya gamsu ma ya sanar da shi. Wanda ba mu ji daga gare shi ba, za mu ɗauka ya amince, sai in sa hannu.

Allah ya bar zumunci.

Naku,
Shugaban Ƙungiya